"Source: Google" ba izini ba ne: jawabi kan hotunan da muke ɗorawa a shafukanmu

Na san wasu tun safe suka baro Tasawa da Madarunfa, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Bari in fara da abin da ya same mu a damanar 2024, wadda babu wanda ya manta da ita a nan Maradi. Ruwa ya ci gidaje, a Damagaram tsohon masallacin ƙasa ya rushe, hotuna sai yawo suke daga wannan guruf na WhatsApp zuwa wancan. Ɗaya daga cikin masu kula da shafinmu ya ga wani hoto mai taɓa zuciya: wata uwa ɗauke da tabarma da tukunya, ruwa har gwiwa. Ya ɗora shi a kan rubutun da muka yi na neman agaji, ya rubuta a ƙasa "DR", kamar yadda muke gani a jaridu. Rubutun ya tafi sosai, mutane suna ta yaɗawa, ana ta kiran lambar masu tara gudummawa. Kwana kaɗan sai muka wayi gari babu shi. An cire. Hoton na wani mai ɗaukar hoto ne da ke yi wa wani kamfanin dillancin labarai aiki, su kuwa suka kai ƙara. Ba hoton kaɗai ya tafi ba. Rubutun ya tafi, lambar waya ta tafi, duk yaɗawar da mutane suka yi ta koma wayam, aka kuma bar mana gargaɗi a kan shafin. Abin da ya ƙara mana kunya: da muka bincika, hoton ma ba a Nijar aka ɗauke shi ba.

Yaron nan bai yi da mugun nufi ba. Kuskurensa shi ne wanda yawancinmu muke yi: mun ɗauka cewa idan ka ambaci inda ka samo hoto, ka fita haƙƙi. To ba haka ba ne. Ambaton suna daban, izini daban. Idan na ɗauke babur ɗinka a ƙofar masallaci na rubuta a jikinsa "na Malam Wane ne", na faɗi gaskiya, amma ban fasa zama wanda ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Balle "Source: Google" ko "Source: Facebook", wanda ko sunan mai abin babu. Google bai taɓa ɗaukar hoton kowa a Maradi ba, nuna maka kawai yake inda hotunan mutane suke. Shi kuma "DR" ɗin nan, ma'anarsa a aikace ita ce: ban san mai shi ba, na dai sa.

Mai hoto shi ne wanda ya danna ya ɗauka. Ba mai wayar ba, ba wanda ke cikin hoton ba, ba wanda ya fara turo shi guruf ba. Kuma haƙƙinsa yana farawa ne a daidai lokacin da ya ɗauka, ba sai ya je ya yi rajista a wani ofis ba, ba sai ya manna alamar © ba. Wannan ita ce ƙa'idar Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ke cikinta, shi ya sa hoton ɗan Brazil yake da kariya a nan, naka kuma yake da kariya a can. A gida muna da tamu dokar, mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010, muna da hukumar BNDA a Yamai mai kula da haƙƙin masu fasaha, sannan muna cikin OAPI. Kada wani ya ce maka wannan maganar Turawa ce kawai.

Kada kuma ka ce ai mai hoton da kansa ya sa shi a fili, kowa na gani. Akwai shari'ar da ta raba wannan gardama. Ranar 12 ga Janairun 2010, da girgizar ƙasa ta auka wa Haiti, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar, Daniel Morel, ya ɗauki hotuna ya sa ta hanyar Twitter. Wani mutum ya kwashe su ya sake sawa kamar nasa. Kamfanin AFP ya ɗauka daga nan ya rarraba, da sunan wancan mutumin a farko, Getty Images ma ya sayar wa abokan cinikinsa. AFP ya kafa hujja da cewa abin da aka sa a Twitter an ba kowa. Kotu a New York ta ce a'a. A watan Nuwamban 2013 aka yanke wa kamfanonin biyu biyan Morel kimanin dala miliyan 1.2 a kan hotuna takwas, wato sama da sefa miliyan 500. Ku lura da abu biyu. Sa hoto a fili ba kyauta ba ce. Sannan wanda ka ga hoton a wurinsa ba lalle shi ne mai shi ba. Idan kamfani mai lauyoyi da editoci ya faɗa wannan rami, mu da waya ɗaya da rabin caji sai mu yi hattara.

To yaya za a yi? Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce ƙanwarmu ta rubuta maƙala kan gyaran tsofaffin gine-ginen unguwar Birni, tana son hoton fadar Sarkin Damagaram. An turo mata wani mai kyau a WhatsApp.

Aikin farko shi ne neman asalinsa. Ta sa hoton a Google Lens ko a TinEye, su nuna mata wuraren da ya taɓa fitowa. Abin da take nema shi ne wanda ya fi tsufa kuma ya fi girma. TinEye yana bari a jera sakamakon daga mafi daɗewa, wannan yana taimakawa ƙwarai. Sau da yawa za ta ga cewa na WhatsApp ɗin yankakke ne, an datse gefen da sunan mai shi yake. Idan binciken ya kai ta shafin Getty Images, ko Alamy, ko AFP, ko Reuters, magana ta ƙare: na sayarwa ne, kuma irin waɗannan kamfanoni suna da hanyoyin bin sawun hotunansu. Ta bar shi. Idan ta yi minti goma ba ta gano mai shi ba, nan ma ta bar shi. Rashin sanin mai abu bai taɓa halatta abu ba.

Sai ta nufi inda masu hotuna suka ba da izini tun kafin a tambaye su. Mafi amfani gare mu shi ne Wikimedia Commons, domin akwai hotunan Zinder da Agadas da Yamai a can, kuma ana samun abin da ake nema da sauri idan an rubuta da Faransanci ko Ingilishi. Su Unsplash da Pexels da Pixabay suna da nasu lasisin mai sauƙi, ba sa ma tilasta ambaton suna, amma nemi kasuwar Maradi a can ka gani, sai dai a ba ka wata kasuwa ta wata ƙasa. A ce ta samu hoton fadar a Commons. Kada ta sauke shi daga jerin sakamako ta wuce. Ta buɗe shafin hoton kansa, ta gangara ƙasa. A can za ta ga Auteur, ta ga Source, ta ga Date, sannan ta ga akwatin lasisi. A ce an rubuta CC BY-SA 4.0.

Nan ne nake so mu zauna kaɗan, don waɗannan ƴan haruffan su ne yarjejeniyar da ke tsakaninta da mutumin da ba ta taɓa gani ba.

CC na nufin Creative Commons, ƙungiyar da ta fitar da waɗannan lasisai tun 2002. BY na nufin dole a ambaci mai hoton. SA na nufin idan kin sarrafa hoton kin fitar da sabon abu daga cikinsa, sabon abin ma sai kin sake shi a ƙarƙashin irin wannan lasisi. Mutane suna tsoron SA fiye da kima. Idan hoton yana zaune ne kawai a gefen maƙalarki, maƙalar taki ce, ba ta shiga ciki ba. Amma idan kin mai da shi fosta, kin canza launi, kin haɗa shi da wasu hotuna, kin zuba rubutu da tambarin ƙungiya a kai, to fostar ta zama abin da aka sarrafa, kuma wani yana da damar ɗaukar ta ya yi amfani da ita bisa sharuɗɗan nan. In kin yarda da haka, babu matsala.

Akwai wasu haruffa biyu da ba za ki gani a Commons ba, don ba a karɓar su a can, amma za ki gamu da su a Flickr da shafukan ƙungiyoyin agaji: NC da ND. ND na nufin kada a yaɗa shi bayan an sauya shi. Rage girmansa don ya hau shafi ba laifi, amma fosta ta haramta, kuma ni ko yanke gefe ba na yi wa hoto mai ND. NC na nufin ban da neman kuɗi. A nan ƙungiyoyi irin namu suke ruɗuwa, sai ka ji an ce ai mu ba ƴan kasuwa ba ne. Lasisin ba ya tambayar ko kai wane ne, abin da ka yi da hoton yake dubawa. Maƙalar wayar da kai, lafiya lau. Amma ranar da kuka sa shi a sanarwar horon da ake biyan jika biyar kafin a shiga, ko a rubutun da wani mai shago ya biya ku ku tallata shi, kun fita daga inuwar lasisin. Wanda kawai ba ya neman komai shi ne CC0, mai shi ya yafe haƙƙinsa iyakar yadda doka ta yarda. Ko shi ma ni ina sa suna, don mutunci.

Yanzu ta zo rubuta ambato. Abu huɗu ake so su bayyana: sunan hoton idan yana da shi, sunan mai shi kamar yadda ya rubuta, inda aka samo, da lasisin tare da adireshinsa. Idan an taɓa hoton, a faɗa. Ga yadda zai kasance:

Hoto: "Fadar Sarkin Damagaram", na Wane, daga Wikimedia Commons, sai adireshin shafin hoton. Lasisi: CC BY-SA 4.0, creativecommons.org/licenses/by-sa/4.0. An yanke gefen dama.

Layi biyu ke nan. Idan mai hoton laƙabi ya sa, ko da wani abu ne mai ban dariya da lambobi a ƙarshe, shi za ki kwafa harafi da harafi. Kada ki rubuta "Hoto: Wikipedia", Wikipedia ba ta da kyamara. Kuma ambaton ya zauna tare da hoton, a cikin rubutun kansa. Kada a jefa shi cikin martani na arba'in a ƙasa, inda in an yaɗa rubutun ba zai bi shi ba. Kada kuma ki dogara da bayanan da ke ɓoye cikin fayil ɗin hoton, don yawancinsu suna zubewa idan hoto ya bi ta WhatsApp ko makamantansa.

Wani zai ce, wannan lambar ta 4.0 fa, mene ne amfaninta? Tana da amfani babba. A lasisai na da, irin 2.0 da 3.0, da zarar ka saɓa sharaɗi, ko da mantuwa ce ta rashin sa adireshin lasisi, izininka ya faɗi nan take, ka koma kamar wanda bai taɓa samun izini ba. A 4.0, wanda ya fito a 2013, an ba ka kwana 30 daga ranar da ka gano kuskuren ka gyara, izinin ya dawo da kansa. Akwai mutanen da suka mai da wannan giɓi sana'a: su zuba hotuna da tsohon lasisi, su jira wani ya yi kuskuren ambato, sai wasiƙar neman kuɗi ta iso. Tsofaffin hotunan Flickr da yawa 2.0 ne. Ba cewa nake a guje su ba, cewa nake idan kin ga 2.0 ko 3.0, ki duba ambatonki sau biyu.

Akwai wani ƙulli kuma da ya shafi Facebook musamman. Duk hoton da ka ɗora a can, sharuɗɗansu sun ce ka ba su izini mai faɗi a kansa, har su iya ba wani. Kai kuwa ba za ka iya ba da abin da ba naka ba. Saboda haka wasu masu hotuna a Commons suke rubutawa ƙarara a shafin hoton cewa ba su yarda a ɗora shi a Facebook ba. In kin ga irin wannan rubutu, kada ki tsaya jayayya da shi. Ki nemi wani hoton, ko ki sa maƙalar a shafinki na intanet da cikakken ambato, ki kawo adireshinta kawai Facebook.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda kowa ke tsallakewa: ajiye shaida. Ki ɗauki hoton allon wayarki yana nuna shafin hoton, da sunan mai shi, da lasisin, ki adana da kwanan wata. Lasisin CC ba a janye shi. Mai hoto yana iya goge hotonsa ko ya daina bayarwa, amma wanda ya riga ya ɗauka bisa ƙa'ida yana nan da izininsa. Sai dai ranar da aka tuhume ki, shafin kuma ya ɓace, da me za ki nuna? Mu yanzu muna da jaka guda a waya da kwamfuta, kowane hoton da ba namu ba yana da shaidarsa a ciki. Kuma ki yi amfani da hankali: idan kin ga hoton da ya yi kama da aikin ƙwararren ɗan jarida, wanda ya ɗora shi kuwa jiya ya buɗe asusu, ƙaramin fayil ne, babu wani bayani, to wataƙila sato shi ya yi ya manna masa lasisi. Lasisin ɓarawo ba ya kare kowa.

Duk wannan dogon zance, hanya mafi sauƙi tana kusa da mu. Masu ɗaukar hoto sun cika garuruwan nan, wasunsu ma suna cikin ɗakin nan. Ka tura saƙo: "Salam, yayana. Ni Wane ne daga shafi kaza. Ina neman izinin sa hotonka na fada, wanda ka ɗora ranar Juma'a, a maƙalarmu a Facebook da shafinmu. Za mu ɗan yanke shi, ba za mu yi talla da shi ba. Wane suna za mu rubuta?" Ya amsa a rubuce, ko da muryarsa, ka adana. Izinin wannan hoton ne, a wannan wurin, ba na duk abin da ya taɓa ɗauka ba. In ya ce sai an biya, haƙƙinsa ne, ku daidaita ko ku haƙura. In kuma ƙungiya ce ta ɗauki mai hoto aikin taro, a rubuta tun farko inda za a yi amfani da hotunan, don biyan kuɗin yini ba shi ne sayen haƙƙi ba, kuma a tsarin dokarmu haƙƙinsa na a ambaci sunansa ba ya sayuwa. Af, kada in manta: izinin mai hoto bai ɗauke maka neman yardar wanda ke cikin hoton ba, musamman yara da mutanen da masifa ta samu. Wannan wani zama ne daban.

To a ce an riga an cire maka rubutu. Kada ka sake ɗora shi don fushi, wannan shi ne yadda ake tara laifi. Manyan dandalin nan suna bin wata dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA: in mai abu ya kai ƙara bisa tsari, su cire da sauri don kada laifin ya hau kansu, kuma dole su kasance da tsarin korar mai maimaita laifi. Ba sa zaman tantance ko niyyarka mai kyau ce. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan hoton" a ƙasa ba kariya ba ce, amsa laifi ne da hannunka. A YouTube lissafin a fili yake: gargaɗi uku, tashar tana iya rufuwa. Kowane gargaɗi yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, bayan ka bi ɗan darasin da suke sa ka, kuma goge bidiyon ba ya goge gargaɗin. Facebook ma yana rufe asusu da shafin da aka yi ta kai ƙara a kansa. Ka tuna shekara nawa ka yi kana tara mabiyan nan.

Ka buɗe sanarwar ka karanta ta a natse. A Facebook yawanci za ka ga lambar ƙarar, da sunan mai haƙƙin, da imel ɗin wanda ya kai ta. In kai ne da laifi, rubuta masa, ka ba da haƙuri, ka tambaya ko zai janye. Mai ƙara yana da ikon janyewa, kuma wannan ita ce hanya mafi tsabta. Mu haka muka yi. Ba su janye ba, muka sake rubutun da hoton da wata ƴar uwarmu ta ɗauka a unguwarsu, amma kwanakin da mutane suka fi buɗe hannu sun riga sun wuce.

In kuwa kana da gaskiya, hoton naka ne ko kana da izini a ajiye, akwai takardar mayar da martani. Amma ka san abin da kake sa wa hannu. Rantsuwa ce ta shari'a cewa an cire ne bisa kuskure. Sunanka na gaskiya da adireshinka da lambar wayarka za a miƙa wa wanda ya kai ƙarar, kuma kana amincewa da hurumin kotun Amurka. Daga nan in bai shigar da ƙara kotu ba, ana mayar da abin cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14. Ga masu rubutu kan filaye, ko kwangila, ko wani mai ƙarfi a gari, wannan wurin yana son tunani. Ana amfani da ƙarar haƙƙin mallaka ta ƙarya don a rufe bakin mutum, ko don a san ko wane ne ke bayan shafi. Idan ƙarar ta zo a kan hoton da ka tabbata kai ka ɗauka, daga sunan da ba ka sani ba, a daidai makon da ka taɓa wani babba, kada ka cike takardar nan kai kaɗai da tsakar dare. Ka fara nuna wa lauya ko shugabannin ƙungiya, ka kuma ajiye asalin hoton da ke cikin wayarka, wanda bai bi ta WhatsApp ba, don shi ne ke ɗauke da ranar da aka ɗauka da irin wayar.

Yanzu kowa ya ciro wayarsa. Ku buɗe shafukanku, ku koma rubutu goma na baya, ku ƙirga hotuna nawa ne za ku iya faɗin sunan wanda ya ɗauka. Wanda ya samu "DR" ko "Source: Google" ya ɗaga hannu, da nasa za mu fara gwajin Google Lens bayan sallar azahar.